Neman Shaidar Tsohon Manaja: Abin da Ake Miƙa Masa Kafin Ya Ɗauki Alƙalami

Shaidar aiki ita ce bayanin da wanda ya taɓa shugabantar ma'aikaci yake bayarwa a kansa, a rubuce ko da baki, ga wata ma'aikata ko makaranta da ke shirin ɗaukarsa. Masu ɗaukar aiki sun riga sun ji ta bakin mai nema a takardar tarihin aikinsa, wadda aka fi sani da sibi, sun kuma gan shi a wurin ganawa. Abin da ya rage musu shi ne su ji ta bakin wanda ya ga aikinsa safe da yamma. Shi ya sa a wannan fage tsohon manaja, ko da na ƙaramin kamfani ne, ya fi kawu mai babban muƙami ko attajirin unguwa amfani. Kawu ya san mutum ɗan gidan mutunci ne, amma bai taɓa ganin yadda yake rufe lissafin ƙarshen wata ba.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikita su da wannan shaida, kuma rikicewar kan sa manaja ya ja baya tun kafin ya ji ƙarshen magana. Na farko shi ne garanto, wato mai tsaya wa mutum. A Nijeriya kamfanoni da yawa kan buƙaci garanto ga mai karɓar kuɗi, direba ko mai gadi, kuma wanda ya sa hannu a wannan fom yana iya ɗaukar alhakin asarar da ma'aikacin ya jawo. Mai ba da shaida ba ya ɗaukar lamunin kowa. Abin da ya gani kawai yake faɗa. Na biyu shi ne takardar da sashen kula da ma'aikata ke bayarwa, wadda ba ta wuce ranar kama aiki, ranar barinsa da sunan muƙami. Wannan tabbaci ne cewa mutum ya zauna a wurin, ba hukunci a kan ingancin aikinsa ba. Mai roƙo ya kamata ya fayyace tun a jimlar farko wanne yake nema, domin manajan da ya zaci garanto ake so ya zama zai fara neman hanyar zillewa.

Matsalar mantuwa

Babbar matsalar shaidar tsohon manaja ba ƙiyayya ba ce, mantuwa ce. Ma'aikaci yana da manaja ɗaya a lokaci guda, saboda haka yana tuna kowace rana da suka yi tare. Manaja kuwa yana da mutum goma ko ashirin a ƙarƙashinsa, an canza su sau da yawa tun bayan rabuwarsu, wataƙila shi ma ya koma wani kamfani. Bayan shekara uku zai tuna fuska, zai tuna cewa yaron kirki ne, amma ba zai iya faɗin watan da ya kama aiki ba, balle aikin da ya yi fice a kai. Idan aka bar shi da abin da ya rage a kansa, takardar da za ta fito sananniya ce: mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai biyayya, yana zaman lafiya da kowa. Babu ƙarya a ciki, sai dai za a iya cire sunan mai ita a sa na kowa. Wanda ya karanta irinta hamsin a mako guda ba zai tsaya a kanta ba.

Abin da ke ba takarda nauyi shi ne jimlar da ba za ta dace da kowa ba sai wannan mutum: ya yi abu kaza, a shekara kaza, kuma ga abin da ya biyo baya. Irin wannan jimla tana hannun ma'aikacin, ba ta hannun manaja. Saboda haka roƙon shaida rabi roƙo ne, rabi kuma tunatarwa.

Wa za a tambaya, kuma yaushe

Wanda ya fi dacewa shi ne wanda mutum ya yi aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, wanda yake sa hannu a takardar hutunsa da ta auna ƙwazonsa. Shugaban kamfani da ba a haɗuwa da shi sai a taron ƙarshen shekara yana da suna, amma tambaya biyu a waya za su nuna cewa bai san aikin ba. Kusancin lokaci ma yana da tasiri. Manajan shekara biyu da suka wuce ya fi na shekara takwas, sai dai in tsohon aikin ya fi kama da wanda ake nema yanzu.

Kafin a zaɓi kowa, sai a karanta sharaɗin masu neman shaidar, domin ba iri ɗaya ba ne. Fom ɗin P11, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka daɗe suna amfani da shi, yana neman sunayen mutum uku da ba dangi ba, kuma yana hana a maimaita sunayen shugabannin da aka riga aka ambata a sashen tarihin aiki. A can, sunan manaja yana shiga ƙarƙashin aikin da aka yi tare, ana kuma iya tuntuɓarsa daga nan. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta fara a 1983, yana neman shaidu biyu a rubuce da Ingilishi, kuma abin da ya fi damun masu tantancewa shi ne iya jagoranci da iya hulɗa da jama'a. Jami'o'in ƙasashen waje da dama kuwa ba sa karɓar takarda daga hannun ɗalibi. Suna aika wa mai shaida saƙon imel ne, ya shiga shafinsu ya rubuta da kansa. Kowanne daga cikin waɗannan yana canza abin da za a roƙi manaja ya yi.

Game da lokaci, mako uku zuwa huɗu kafin cikar wa'adi shi ne adalci ga takardar da za a zauna a rubuta. Idan suna da lamba kawai za a bayar, kwana biyu ko uku sun isa, amma dole ne a nemi izini kafin a rubuta sunan, ba bayan an miƙa fom ba. Manajan da aka kira ba zato yana cikin cunkoson motoci, ya yi shiru yana laluben ko wace ce ake magana a kai, ya riga ya ba da shaida da wannan shirun. Yana da kyau kuma a dubi kalandar shi kansa manajan. Ƙarshen wata ga ma'aikacin banki, lokacin jarrabawa ga shugaban makaranta, goman ƙarshe na azumi da makon Sallah ga kusan kowa, duk lokuta ne da saƙo ke nutsewa.

Kunya da ƙofar fita

A ƙasar Hausa akwai wani abu da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Babba ba ya son ya kalli wanda ya taɓa zama yaronsa ya ce masa a'a. Kara ba ta bari. Manajan da bai gamsu da aikin mutum ba zai ce ba komai, in sha Allahu, sannan ɗayan biyu ya faru: ko dai takardar ta ƙi fitowa har wa'adi ya wuce, ko ta fito salam, layi huɗu marasa ɗumi, waɗanda mai karatu zai gane abin da ba su faɗa ba. Na biyun ya fi muni, domin mai roƙo ba zai taɓa sanin abin da ya kayar da shi ba.

Maganin wannan shi ne a buɗe wa manaja ƙofar fita wadda ba za ta kunyata kowa ba. Maimakon a tambaye shi ko zai rubuta, sai a tambaye shi ko yana ganin ya san aikin sosai har zai iya ba da shaida mai ƙarfi, a kuma ƙara da cewa idan hidima ta yi masa yawa a wannan watan, babu damuwa ko kaɗan. Uzurin hidima rigar mutunci ce da aka miƙa masa. Wanda ya karɓe ta ya yi wa mai roƙo alheri, don ya bar masa lokacin neman wani. Alamun ja da baya ba su da wuyar ganewa: ya ce a je sashen kula da ma'aikata, ko ya ce ya manta abubuwa da yawa, ko ya karanta saƙo sau biyu bai amsa ba. Matsa wa irin wannan lamba ba ya haifar da takarda mai kyau.

Misali daga sito

A ɗauki misalin wata mata da ta yi aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba magunguna a Kano daga Maris 2019 zuwa Agusta 2022. Yanzu tana neman aikin jami'ar kula da kaya da sufuri a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, an kuma ce ta kawo mutum biyu da suka shugabance ta. Tsohon manajanta ya bar kamfanin, kuma rabonsu da magana tun gaisuwar Sallar bara.

Ba ta fara da dogon saƙo mai ɗauke da takardu ba. Ta kira shi da yamma bayan tashi daga aiki, suka gaisa, ta tambayi iyali, ta tuna masa ko ita wace ce da shekarun da suka yi tare, sannan ta faɗi buƙatarta a taƙaice. Sai da ya amsa ta ce za ta turo masa bayani a rubuce don kada ta ɗora masa nauyin tunawa. Saƙon da ta aika a daren ya tafi kamar haka:

"Assalamu alaikum, Yallaɓai. Na gode da amincewarka ɗazu, Allah ya ƙara girma. Aikin da nake nema shi ne na jami'ar kula da kaya da sufuri, a Maiduguri. Ba garanto ba ne, shaidar aiki ce kawai. Za su turo maka fom ta imel cikin mako mai zuwa, kuma suna so ya koma musu kafin ranar Juma'a 14 ga wata. Tambayoyi shida ne, da Ingilishi, ba za su wuce minti ashirin ba. Na haɗo sibi ɗina, da sanarwar aikin, da shafi ɗaya na abubuwan da muka yi tare, ko za su taimaka wajen tunawa. Duk abin da ka ga ban faɗa daidai ba, naka ne gaskiya. Ina roƙon ka turo mini adireshin imel da lambar da kake so in ba su, da muƙaminka na yanzu."

Saƙon ya amsa tambayoyin da duk mai shaida ke yi a zuciyarsa: wane aiki ne, me ake so in yi, ta wace hanya, zuwa yaushe, kuma lokacina nawa zai ci. Ya kuma bar masa zaɓin lambar da za a bayar, abin da ya fi a ɗauko tsohuwar lambar da aka adana shekaru huɗu da suka wuce.

Shafin nan guda shi ne zuciyar aikin. A samansa ta rubuta cikakken sunanta kamar yadda yake a takardun makaranta da a fom ɗin neman aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake kiran mutum da laƙabi ko da sunan 'ya'yansa shekara da shekaru. Manaja zai iya rubuta sunan da ofis ya saba da shi, takarda ta zo da sunan da bai dace da na fayil ba. Mace da ta sauya suna bayan aure ta fi kowa buƙatar wannan layi. Ƙarƙashinsa ta sa ranakun aiki da wata da shekara, da muƙaminta kamar yadda yake a takardar ɗaukar aiki, da muƙamin shi manajan a wancan lokaci. Idan sibi ya ce shekara uku da wata biyar, manaja kuma ya rubuta kusan shekara biyu saboda haka ya tuna, mai tantancewa ba zai ɗauka manaja ne ya manta ba. Zai ɗauka ita ce ta ƙara gishiri.

Daga nan ta kawo abubuwa uku kacal, kuma ba ta zaɓe su don sun fi burge ta ba. Ta ɗora sanarwar aikin a gefe, ta ga kalmomin da suka fi maimaituwa a ciki su ne ƙidayar kaya, riƙon amana da aiki cikin matsi. Sai ta nemo wa kowanne labari guda. Na farko: a 2020 ta sake tsara sito yadda maganin da wa'adinsa ya fi kusa zai fara fita, ta maƙala katin kaya a kowane kanta, har magungunan da ake zubarwa saboda lalacewa suka ragu daga kusan katan talatin a zango zuwa ƙasa da goma. Na biyu: a ƙidayar ƙarshen 2021 ita ce ta gano giɓin katan goma sha biyu tsakanin kundi da abin da ke ƙasa, ta kai rahoto kafin odita ya zo, aka bi sawu aka tarar kuskuren takardar rakiyar kaya ne daga reshe. Na uku: lokacin kullen korona, sito ya ci gaba da fitar da kaya da ma'aikata biyu maimakon biyar.

Kowane labari layi biyu ne ko uku, da shekara, da adadi, da sakamako. Babu inda ta rubuta cewa ita mai amana ce. Wannan hukunci na manaja ne, kuma idan ya karanta labarin katan goma sha biyu, kalmar za ta zo masa da kanta. Ta kuma kiyaye sharaɗi guda da ba a ƙetarewa: ba ta sa abin da bai gani da idonsa ba. Kwas ɗin da ta yi bayan ta bar kamfanin yana cikin sibi, amma ba ya cikin wannan shafi, domin manaja ba zai iya rantsuwa a kansa ba. Inda aikin na mutum uku ne, ta ce na mutum uku ne, ta fayyace nata kason. Manajan da ya ga an danne sunan wasu yaransa zai fara shakkar sauran shafin.

A ƙasan shafin ta ƙara layi biyu da mutane da yawa ke gudu. Ɗaya dalilin barinta aiki, kamar yadda ta faɗa a ganawa, wato komawa karatu. Ɗayan kuma rauninta da shi kansa ya taɓa yi mata magana a kai, jinkirin miƙa rahoton wata a shekararta ta farko, da yadda ta gyara. Fom ɗin shaida da yawa suna tambayar inda ma'aikaci ke buƙatar ƙarin ƙoƙari, suna kuma tambayar ko za a sake ɗaukarsa in da hali. Gara manaja ya zo wa waɗannan tambayoyi a shirye da ya lalubo amsa nan take.

"Rubuto in sa hannu"

Sau da yawa amsar manaja ita ce a rubuto takardar ya sa hannu. Abu ne da ya zama ruwan dare, kuma yawanci ba raini ba ne, ƙarancin lokaci ne. Amma yana da illa. Takardar da mutum ya rubuta wa kansa tana ɗauke da salonsa, har da kurakuran Ingilishinsa, kuma idan shaidu biyu suka zo da jimloli iri ɗaya da na takardar neman aikin, ba sai an yi dogon bincike ba. Wasu jami'o'i da masu ba da tallafin karatu sun haramta hakan ƙarara. Hanya mafi tsabta ita ce a ba shi shafin tunatarwa a ce ga ƙashin, shi ya sa tsoka. Inda babu haramci kuma ya dage, sai a rubuta daftari gajere wanda bai wuce abubuwan da suka faru ba, a bar masa gurbin hukunci, a roƙe shi ya sauya da kalmominsa. Sa hannu a madadinsa, ko buɗe adireshin imel da sunansa, ko ba da lambar aboki a matsayin ta manaja, wannan kuma zamba ce, kuma tana iya jawo kora ko bayan an kama aiki.

Inda aiki ke lalacewa bayan an amince

Yawancin shaidun da ba su isa ba, ba ƙi aka yi ba. A hanya suka maƙale. Saƙon da jami'a ko ƙungiya ta aika yakan faɗa akwatin Spam, manaja yana jira, mai nema yana jira, wa'adi yana tafiya. Saboda haka da zarar an miƙa suna, sai a sanar da shi sunan ma'aikatar da saƙon zai fito daga gare ta, a ce ya duba can idan bai gani ba. Idan kira za a yi, a gaya masa ranakun da ake sa rai, domin mutane da yawa ba sa ɗaga baƙuwar lamba, balle ta ƙasar waje.

Adireshin imel na ofis ya fi na kai karɓuwa, haka ma takarda mai tambarin kamfani da sa hannu. Manajan da ya bar wurin, kamar na wannan misali, ba shi da hurumin amfani da tambarin tsohon kamfani. Abin da zai yi shi ne ya faɗa a sakin layi na farko cewa ya shugabance ta a wuri kaza daga shekara kaza zuwa kaza, yanzu kuma yana wuri kaza. Wasu manyan kamfanoni kuma suna hana manajojinsu ba da shaida da sunan kamfani, sai ta sashen kula da ma'aikata. A nan ana iya tambayarsa ko zai bayar a ƙashin kansa, a kuma sanar da masu ɗaukar aikin matsayin shaidar.

Masu neman aikin agaji suna da ƙarin mataki. Tun 2019 ƙungiyoyin agaji na duniya da dama suka shiga wani tsari na musayar bayani game da cin zarafi ta hanyar lalata, inda sabuwar ƙungiya ke tambayar wuraren da mutum ya yi aiki a shekaru biyar da suka gabata ko an taɓa samunsa da irin wannan laifi. Wannan tambaya ma'aikata ake yi wa, ba manajan da mai nema ya zaɓa ba, kuma shaidar manaja ba ta maye gurbinta.

Manajan da mutum ke aiki a ƙarƙashinsa a yanzu batu ne dabam. Ba da sunansa kafin ya san ana shirin tafiya yana iya ɓata zama idan sabon aikin bai samu ba. Fom da yawa, har da P11, suna tambaya ko an yarda a tuntuɓi wurin aiki na yanzu, kuma abu ne karɓaɓɓe a ce a dakata sai an yi tayin aiki.

Tuni ɗaya ya isa, kwana huɗu ko biyar kafin wa'adi, a gajeren saƙo mai maimaita ranar da sake haɗo shafin nan, don kada sai ya koma laluben tsohon saƙo. Idan saura kwana biyu babu motsi, lokacin komawa ga mutum na uku ne, wanda ya kamata a ce an riga an nemi izininsa tun farko. Bayan an gama, ana sanar da manaja yadda ta kaya, ko an samu ko ba a samu ba. Amincewar da ya bayar ta wannan aiki ce kaɗai. Idan wata dama ta taso bayan wata shida, ana sake neman izini, a tura sabuwar sanarwar aikin, a kuma sauya labaran uku su dace da abin da sabon wurin ke nema.